Rabon aikin dare a ƙaramin asibiti: a yi lissafi kafin a ja layin rosta

A yawancin ƙananan asibitocinmu, in-caj ce take zama ita kaɗai a ƙarshen wata da biro da rula, ta ja layuka a kan faffadar takarda, ta cike gidajen da haruffan safe da yamma da dare da hutu, sannan ta manna ta a bangon ofishin nas-nas. Daga ranar da takardar ta hau bango ake fara gunaguni. Wata za ta ce ita ce ta yi Sallar bara kuma ga shi an sake sa ta, wata ta ce ta fito daga dare ranar Litinin an ce ta dawo Talata da safe, wata kuma ba za ta ce komai ba sai dai a ga takardar rashin lafiya ta iso a daren da aka sa ta. Ra'ayina shi ne yawancin wannan rigima daga hanyar da ake bi take fitowa, ko da in-caj ɗin mai tsoron Allah ce, domin rostar da ake ƙirƙira sabuwa kowane wata daga kan mutum ɗaya ba ta da yadda za ta tabbatar wa kowa cewa an yi masa adalci. Abin da ya fi shi ne tsayayyen zagaye wanda kowa zai bi ta kowane layinsa, tare da littafi a buɗe da ake rubuta duk abin da ya kauce wa zagayen.

Bari mu ɗauki asibitin da ake gani a kusan kowace ƙaramar hukuma, mai ɗakin haihuwa da 'yan gadajen kwantar da marasa lafiya, wanda ba ya rufewa dare da rana. A kowane lokaci ana buƙatar mutum biyu a bakin aiki, ungozoma ko nas guda ɗaya, da ma'aikacin lafiyar al'umma guda ɗaya da zai taimaka mata. Aikin safe daga ƙarfe 8 zuwa 2 ne, na yamma daga 2 zuwa 8 na dare, na dare kuma daga 8 zuwa 8 na safe. Mako yana da awa 168, kuma kujerar ungozoma ba za ta zauna babu kowa ko na awa ɗaya ba. Idan ungozomomi huɗu ne suke riƙe da wannan kujera, kowacce tana yin awa 42 a mako, wato ta riga ta wuce awa 40 da aka saba ɗauka a matsayin makon aiki tun kafin wata ta tafi hutun shekara ko ta kwanta zazzaɓi. Idan biyar ne, rabon kowacce ya sauko ƙasa da awa 34, sai a samu rarar da za a toshe gurbi da ita. Saboda haka duk kujerar da ba ta rufewa tana buƙatar mutum biyar, kuma asibitin namu yana buƙatar ungozomomi biyar da ma'aikatan lafiyar al'umma biyar, ban da in-caj da take riƙe da ofis tana kuma ƙara hannu da safe.

Na fara da wannan lissafi ne domin in-caj da yawa suna shan zagin da ba nasu ba. Wadda aka ba ungozomomi uku aka ce ta rufe awa 168 tana raba wa kowacce awa 56 ne a mako, kuma babu gwanintar jan layi da za ta mai da wannan ya zama adalci. Abin da ya dace da ita shi ne ta rubuta lissafin a takarda ta kai wa hukumar da ke sama da ita, a zaɓi ɗaya: ko a ƙaro ma'aikata, ko a amince cewa wasu darare asibitin zai koma tsarin kira, ungozomar da ke kusa ta kwana a gida a taso ta idan naƙuda ta zo, a kuma biya ta da hutu idan an taso ta.

Ga yadda zan tsara zagayen ungozomomin biyar, kuma irinsa ne za a yi wa ɗaya rukunin. A mako na farko mutum yana yin dare huɗu, daga Litinin zuwa Alhamis, ya fita ranar Juma'a da ƙarfe 8 na safe, ba zai dawo ba sai Litinin. A mako na biyu yana yin safe daga Litinin zuwa Juma'a, ya huta Asabar da Lahadi. A mako na uku yana yin yamma Litinin da Talata, ya huta Laraba da Alhamis, sannan ya karɓi dare uku na Juma'a da Asabar da Lahadi. A mako na huɗu yana fitowa daga dare ranar Litinin da safe, ya huta Talata, ya yi yamma daga Laraba har Lahadi. A mako na biyar yana hutawa Litinin, ya zo da safe Talata da Laraba da Alhamis a matsayin ƙarin hannu, waɗanda a kansu za a ɗora ranakun awon ciki da rigakafi, ya huta Juma'a, ya yi safiyar Asabar da ta Lahadi, daga nan ya koma mako na farko. Kowace ungozoma tana farawa daga mako daban, don haka a kowane mako akwai mutum ɗaya a kan kowane layi, kuma duk wanda ya zauna ya duba zai ga babu safe ko yamma ko daren da ya rage babu mai shi.

Idan aka tara awoyin, makonni biyu masu dare suna da awa 48 kowanne, sauran ukun kuma awa 30 kowanne, jimilla 186 a mako biyar, wato kimanin awa 37 a mako. Kowa yana yin dare bakwai a zagaye, kowa yana samun cikakken hutun Asabar da Lahadi sau biyu, yana yin aiki a sau uku. Tsarin ya yi kama da adashi ta wannan fuska, domin kowa ya san ranar zubinsa da ranar kwasarsa tun kafin a fara. Wadda aka sa bikin ƙanwarta nan da wata uku za ta iya ƙirga makonni da yatsa ta san ko tana da hutu, idan ba ta da shi ta fara neman wadda za su yi musaya tun yanzu. Duk asibitin da ma'aikatansa suka ga sau uku cikin biyar ya yi yawa yana da mafita guda: a haɗe safe da yamma na Asabar da Lahadi su zama wuni ɗaya na awa 12, sai mutum biyu su riƙe ƙarshen mako maimakon uku, kowa ya koma hutawa sau uku cikin biyar. Wannan zaɓi ne da ya kamata ma'aikatan su yi da kansu a taro, tun da su ne za su tsaya awa 12 ɗin.

Na san inda za a fi yi mini gardama shi ne raba dare zuwa huɗu da uku, domin a asibitoci da dama an saba da dare bakwai a jere, sannan a ba mutum hutun mako guda, kuma masu yin sa da yawa suna son sa. Hujjarsu tana da ƙarfi. Wanda iyalinsa suke wani gari yana samun mako cikakke ya je gida, wanda yake noma yana samun sararin shiga gona, kuma kuɗin mota yana raguwa. Amma dare bakwai na awa 12 awa 84 ne a cikin mako ɗaya, kuma barcin rana a gidajenmu ba ya biyan na dare. Ungozomar da ta koma gida ƙarfe 9 na safe za ta tarar da yara da girki da masu sallama, ga zafin Afrilu babu wuta, idan ta samu awa huɗu a kwance ta yi sa'a. Bashin barcin yana taruwa daga dare zuwa dare. Masana biyu a Birtaniya, Folkard da Tucker, sun tattara bayanan haɗurran masana'antu a shekarar 2003, suka ga cewa idan aka kwatanta da daren farko, haɗarin yana ƙaruwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari a dare na biyu, kashi 17 a na uku, kashi 36 a na huɗu. A masana'antu aka tattara alƙaluman, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, kuma wadda za ta lissafa yawan allurar da za a yi wa mai jijjigar haihuwa da ƙarfe 4 na asuba a darenta na shida ba ta da wata kariya daga wannan gajiya. Ko dare huɗun da na sa a makon farko iyaka ne, da ma'aikata sun kai shida da na raba shi biyu-biyu. A nan nake ganin adalci ga ma'aikaci dole ya tsaya inda haƙƙin mai naƙuda ya fara, ko da kuwa ma'aikatan duka sun kaɗa ƙuri'ar dare bakwai.

Tazarar da ke tsakanin aiki da aiki ita ce abin da ido ba ya kamawa a takardar bango. Shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 157 ta shekarar 1977, wadda aka yi musamman domin ma'aikatan jinya, ta ce a ba mai aikin karɓa-karɓa hutun aƙalla awa 12 a jere tsakanin fita da dawowa, kada ranar aiki ta wuce awa 12 har da ƙarin lokaci, kuma kada hutun mako ya gaza awa 36 ba yankewa. Shawara ce, ba ta ɗaure kowa, amma ma'auni ne mai kyau da za a gwada rosta da shi. A zagayen da na kawo, wadda ta fito daga dare huɗu tana da awa 72 kafin ta dawo, wadda ta fito daga dare uku ranar Litinin da safe tana da awa 54, wato ta kwana biyu a gadonta kafin yammacin Laraba, kuma babu inda aka sa mutum yamma yau safe gobe. Dabarar da ake yawan yi wa ƙananan ma'aikata ita ce a rubuta ranar fitowa daga dare a matsayin hutu. Wadda ta bar asibiti ƙarfe 8 na safe ta riga ta yi awa takwas a cikin wannan rana, saura kuma barci ne, don haka a wajen ƙirga hutu ranar fitowa ba ta shiga lissafi. Haka ma daren Juma'a: wanda ya yi shi ya rasa Asabar ɗinsa, shi ya sa na haɗa shi da daren Asabar da na Lahadi a hannun mutum ɗaya, kada a ɓata wa mutum biyu ƙarshen mako a kan abin da ɗaya zai ɗauka.

Inda rosta take lalacewa da gaske shi ne wajen waɗanda aka ɗauke wa dare. Shekara tana da dare 365. Idan mutum biyar suka raba, kowa ya samu 73. Idan aka cire ɗaya, huɗun da suka rage kowacce ta koma 91, ƙarin dare 18 ke nan a kan kowace, idan kuma aka cire biyu, ukun suna kwana asibiti dare ɗaya cikin kowane uku. Duk sassaucin da aka yi wa mutum ɗaya wasu ne suke biyan sa da barcinsu, kuma galibi su ne sababbin ɗauka da waɗanda ba su da kowa a sakatariya. Akwai uzurin da babu mai hankalin da zai ja da shi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin dare, mai lamba 171 ta shekarar 1990, ta tanadi a sama wa mace madadin aikin dare na aƙalla mako 16 a kewayen haihuwa, takwas daga ciki kafin ranar da ake sa ran haihuwar. Mai jaririn da bai fara cin abinci ba, da mai ciwon da likita ya tabbatar rashin barci yana tayar da shi kamar farfaɗiya, da matar da take takaba, duk suna da hujja. Sharaɗina a kansu guda biyu ne kawai, a rubuta dalilin sassaucin a littafi a taƙaice ba tare da tona sirrin ciwon kowa ba, a kuma rubuta ranar da zai ƙare ko za a sake duba shi. Sassaucin da ba shi da ranar ƙarewa yakan zama gado, har a wayi gari yaron da aka ɗauke wa uwarsa dare saboda shi ya shiga firamare, ita kuwa ba ta dawo layi ba.

Sauran uzurorin su ne masu wuyar faɗa a taro. Akwai babbar sista da take ganin ta yi nata daren tun ana amfani da fitilar ƙwai, akwai wadda maigidanta ya ce bai yarda ta kwana a waje ba, akwai mai karatun ƙaro ilimi. Ban ce a yi watsi da su ba, domin in-caj da ta ce wa matar aure ta zaɓa tsakanin aikinta da gidanta za ta iya rasa ungozoma gaba ɗaya a garin da samun wata sai an yi shekara ana rubuta takarda. Amma irin wannan sassauci a saye shi, kuma farashin ya zama sananne ga kowa: dare ɗaya na awa 12 a biya shi da aikin rana biyu na Asabar ko Lahadi, waɗanda za a cire daga kan wadda ta karɓi daren. Wadda ba ta yin dare sai ta zama mai yawan aikin ƙarshen mako, abokiyar aikinta kuma ta ga abin da ta samu a madadin barcinta. Game da girma kuwa, na yarda a rage wa wadda ta kusa ritaya, amma a sa shekarun da ake fara ragewar a rubuce domin ya shafi duk wanda ya kai, kada ya tsaya a kan wanda yake da bakin magana. Ita ma in-caj, ko da ba ta cikin zagaye, ya kamata ta karɓi dare ɗaya ko biyu a wata. Da haka ne za ta san cewa fitilar ɗakin haihuwa tana mutuwa kafin asuba, kuma maigadi yana tafiya gida da tsakar dare.

Zagayen mako biyar ba ya raba Sallah da kansa, domin ranar tana iya faɗawa kan mutum ɗaya shekara biyu a jere. Wannan sai an ba shi shafinsa daban a littafi, inda za a rubuta wanda ya yi Ƙaramar Sallah da wanda ya yi Babba, wanda ya yi bara kuma ya zama na farkon hutawa bana. A rubuta rabon da sunan ranar, wato daren Sallah da ranar Sallah da washegari, kada a rubuta shi da kwanan wata, tun da Ƙaramar Sallah ba a tabbatar da ita sai an ga wata, kuma rana ɗaya da ta motsa ta isa ta rushe alkawarin da aka yi wa mutum. A inda ake da abokan aiki Kirista, musayar Sallah da Kirsimeti ko Ista tsohuwar al'ada ce mai kyau, sai dai a tambaye su, kada a ɗauka dole ne, kuma a biya su daidai da abin da suka riƙe. Azumi kuwa kusan yana raba kansa, domin kwana 29 ko 30 ya kusa cika zagaye guda, kowa zai ɗanɗana buɗa-baki a bakin aiki.

Hutun shekara yana buƙatar a tsara shi tun watan Janairu, mutum ɗaya daga kowane rukuni a lokaci guda. Idan hutun mako huɗu ya fara da Litinin ɗin mako na biyu, mai tafiyar ta riga ta gama darenta huɗu, za ta dawo daidai lokacin da za ta sake karɓar su, dare uku kawai za ta bari a toshe. In-caj ta sauko ta riƙe aikin safe a waɗannan makonni, ranakun ƙarin hannu su koma toshe gurbi, dare ukun kuma a ba waɗanda littafi ya nuna su ne suka fi ƙarancin dare a shekarar, bayan an duba tazarar hutunsu.

Musaya tsakanin ma'aikata ba abin hanawa ba ce, ita ce take sa tsayayyen zagaye ya yi daidai da rayuwar mutane masu suna da biki da jinya. Sai dai ta zama ungozoma da ungozoma, a rubuta ta kafin ranar, su biyun su sa hannu, in-caj ta duba cewa babu wadda za ta wuce dare huɗu a jere ko ta dawo kafin awa 12. Abin da nake tsoro shi ne musayar kuɗi, inda mai hali take biyan ƙaramar ma'aikaciya ko 'yar sa-kai ta kwana mata. A takarda komai yana nan daidai, a zahiri kuwa yarinya ɗaya ce take kwana asibiti rabin wata, wani lokacin ma ba ta da horon karɓar haihuwa mai matsala. Shi ya sa idan ana so a san ko rostar asibiti tana da adalci, takardar bango ba ta isa shaida ba. A ɗauko littafin rahoton dare, wanda mai aiki take rubuta abin da ya faru ta sa hannu kafin ta miƙa aiki, a ƙirga sa hannun kowa na wata uku, a jera adadin kusa da sunaye a karanta a taron ma'aikata. A zagayen mutum biyar kowa ya kamata ya faɗo kusa da dare 18 a wannan tsawon lokaci. Idan aka ga wata tana da 27 wata tana da 9 kuma babu bayaninsu a shafin sassauci ko na musaya, a nan in-caj za ta fara tambaya, kuma rostar wata mai zuwa ta fara da biyan wadda aka ci bashin barcinta.